Kofi Ɗaya Don Baba

Baba ya ce ba zan kama aiki a shagon suyar gahawa ba sai ya ɗanɗana abin da zan riƙa sayar wa mutane. Bai taɓa sha ba. Kofi ɗaya zai sha, in ya tofar, magana ta ƙare.

Na je shagon na ce Baba zan kai wa, na nuna tulun da 'ya'yan gahawar cikinsa suka fi baƙi, don a ganina ita ce ta manya.

Mai shagon, tsohuwar da idonta ya yi rauni, ta riƙe hannuna. "Kai yaro, korar mahaifinka za ka yi?"

Ta tsoma hannu a tulu uku, ba ta ko duba ba.

"Wannan busasshiya ce, ga tauri. Tana fara ƙas-ƙas a wuta na sauke ta, tsami gare ta kamar ɗanyen lemo. Taka kuwa, shafa ka ji maiƙo. Sai da ta fashe karo na biyu, ɗaci da hayaƙi ne zalla." Ta damƙo ta ukun, ruwan ƙasa, ba maiƙo. "Ta tsakiya. Tsamin ya kwanta, ɗacin bai taso ba. Da ita ake fara wa baƙo."

Na tsaya ina kallon yatsunta, sannan na karɓi ta tsakiyar.

Da safe na dafa, Baba ya kurɓa. Bai tofar ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"