Minti Arba'in da Suka Rage

Mai hoton ba ta da shago. Wani ɗaki take haya a bene na biyu, awa-awa, shi ya sa duk wanda ya nemi aikinta saƙo ɗaya take tura masa: zama awa ɗaya ne. Wanda ya makara, a cikin awarsa za a cire, in ya kai rabin awa an soke. Sai an ba da kafin alƙalami ake riƙe wa mutum lokaci, kuma ba a mayarwa sai an sanar kwana biyu kafin ranar.

Wata dattijuwa ce ta kama ƙarfe goma na safiyar Asabar, hoton ita da mijinta. Ta biya tun wata guda da ya wuce. Ranar Laraba mai hoton ta tura mata tuni. An karanta, ba a amsa ba.

Goma da minti ashirin wani tsoho ya turo ƙofa yana haki, riƙe da waya mai jan murfi.

"Sannu Baba. Mama na tafe?"

"Ta rasu. Yau kwana goma sha ɗaya."

Mai hoton ta yi masa ta'aziyya. Ya amsa kamar wanda ake tambaya hanya.

"Na ga saƙonki a wayarta," ya ce. "Ban san kwanakin sun zo ba sai da safen nan. Na makara minti ashirin. Saura arba'in ko?"

"Baba, bar maganar ƙa'ida. Zan mayar maka da kuɗin."

"A'a, 'yata. Ta karanta, ta yarda, ta biya." Ya dubi wayar. "Shekara talatin da takwas tana cewa agogona na ado ne."

Kujeru biyu ne a gaban farin ƙyallen da ake ɗaukar hoto a jikinsa. Ta kai hannu za ta janye ɗaya, sai ta tsaya tana dubansa. Idonsa na kan wayar. Ta janye. Ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Ɗaga haɓa kaɗan, Baba."

Ya ɗaga.

"Juyo nan."

Ya juyo. Fitila ta haska. Ba ta ce ya yi murmushi ba. Ta ɗauka kusan talatin, duk fuska ɗaya. Cikin minti goma an gama, amma bai tashi ba, ita ma ba ta ce an gama ba. Ta ba shi ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Fanka na juyawa. A ƙasa wani na ta danna hon.

Saura minti biyu sha ɗaya aka ji hayaniyar masu zuwa a matakala. Ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Wace lamba zan tura hotunan?" ta tambaya.

"Tata ɗin dai. Ban iya tawa da ka ba."

Ya raɓe jikin bango, wata mata ta wuce da tagwaye cikin kaya iri ɗaya, sannan ya fara sauka a hankali.