Tauraro Uku da Ɗigo Takwas

Kawu ya dangwarar da wayarsa a kan teburina, har shayina ya fantsala kan takardu.

"Injiniya, duba nan ki gaya mini. Mu makafi ne ko guragu?"

Ya bincika a intanet tukunyar tururi mai lita shida, irin wadda muke sayarwa. Shagon tsallaken titi ne ya fito a sama, da taurari biyar reras, an rubuta mutum ɗari takwas da goma sha biyu ne suka ba da maki. Namu yana ƙasa da shi, da hoto da farashi da "akwai kaya", sai tauraro uku da ɗigo takwas daga mutum ashirin da uku.

Na ce, "Kawu, mutumin nan ko tukunya ɗari bai sayar ba tun da ya buɗe. Kai ma ka sani."

"Ina ruwana da abin da ya sayar? Abin da mutane ke gani nake magana."

Shekara uku ke nan ina riƙe da shafin intanet na shagon Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da kayan kicin. Ofishina wani lungu ne bayan kwalayen faranti, da fanka mai kukan akuya. Kafin in zo, shafin nan yana fitowa a bincike tsirara, shuɗin layi da 'yan kalmomi. Ni na zauna na yi wa kowane kaya sikima, wato ɗan rubutun da ake sakawa a bayan shafi, wanda mai saye ba ya gani amma injin bincike yana karantawa. A nan ake gaya masa dalla-dalla: wannan suna ne, wannan farashi, wannan kuɗin da ake ciniki da shi, wannan maki, wannan adadin waɗanda suka ba da makin. In ya gamsu, sai ya fito da kai da ado. In bai ga dama ba ya bar ka haka nan, don bai yi wa kowa alkawari ba.

Girke-girken Umma ma a shafin suke, guda sittin da huɗu. Ni na lallaɓa ta ta yarda. Kowanne sai da ta dafa shi da agogo a gabanta, ni kuma na sa suna da hoto da kayan haɗi da minti nawa yake ci. Su suka fi jawo mana mutane. Mace ta zo neman yadda ake gasa burodi, ta tafi da kwanon gashi.

Kawu ya jawo kwali ya zauna. Ya sassauta murya, abin da ya fi tsawarsa ba ni tsoro.

"Layi biyu ne fa, an gaya mini. Inda kika sa uku da ɗigo takwas ki sa huɗu da ɗigo tara. Inda kika sa ashirin da uku ki sa ɗari shida. Ban ce ki taɓa fuskar shafin ba."

"Wa ya gaya maka?"

Nan-take ne ya gaya masa. Wani mai yawo da kwamfuta a jaka ne, shago-shago, yana yi wa mutane alkawarin shafin farko cikin kwana uku. Sunan ma daga bakinsa aka samo shi, don komai sai ya ce nan take zai yi. Har ya gwada wa Kawu, ya liƙa lambobin ƙaryar a manhajar gwajin sikima ta masu injin binciken, ta nuna kore, alamar komai daidai.

"Kore ta nuna, da idona na gani," in ji Kawu. "Su da kansu sun ce daidai ne. Ke kin fi su sani?"

Raina ya ɓaci, amma dariya ta riga shi fitowa. Na juyo da allon kwamfuta gabansa, na buɗe manhajar, na rubuta sabon kaya. Suna: takalmin Kawu na ƙafar hagu. Maki: biyar. Masu ba da maki: miliyan tara. Na danna. Kore shar.

"Ga shi nan, Kawu. Takalminka ya fi tukunyarsu farin jini. Wannan abin tsarin rubutu yake dubawa, ko an cike layukan da ake buƙata, ko waƙafi ya zauna inda ya dace. Ba shi da hancin shinshino ƙarya."

Bai yi dariya ba. Na ci gaba da yi masa bayani, tunda na fara. Ƙa'idar ita ce abin da ke bayan shafi ya zama shi ne a fuskarsa, kuma makin ya fito daga mutanen da suka bayar da gaske. In ma'aikatan injin binciken suka kama, suna iya cire mana adon, ba lallai na tukunya kaɗai ba, yana iya shafar shafin baki ɗaya. Taurari su tafi, farashi ya tafi, hotunan girkin Umma su tafi.

"In suka kama," in ji shi. "Na tsallaken titi wata nawa ke nan ba a kama shi ba?"

Nan ya ɗaure ni, don gaskiya ya faɗa. Ba ni da tabbacin za a kama kowa. Sai na daina fakewa da ma'aikatan da ban taɓa gani ba.

"To ko ba za a kama ba, ba zan rubuta ba. Cikin ashirin da ukun nan, mata huɗu sun ce mariƙin murfin yana zafi, ɗaya har ta ƙone. Wadda ta ga uku da ɗigo takwas za ta shiga ta karanta dalili. Wadda ta ga huɗu da ɗigo tara ba za ta karanta komai ba, kai tsaye za ta saya."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Shagona ne ko naki?"

"Naka ne. Yatsun nawa ne."

"To zuwa jibi kafin a rufe shago. Ko ki gyara, ko ki ba ni kalmar sirri ki tattara."

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Ina son aikin nan, har fankar nake so. Washegari na wuni ina nema masa hanyar halal. Na nuna masa cewa mun sayar da tukunyar nan fiye da ɗari uku, mu aika wa masu saye saƙo su ba da ra'ayinsu. Mu sa safar hannu a cikin kwali saboda mariƙin. Makin zai tashi da ƙafarsa, ko da a hankali. Ya saurare ni yana danna waya, ya ce shi ba shi da wata shida na jira.

Ranar da wa'adi ya cika, da la'asar, Umma ta shigo shagon. Ban kira ta ba, na dai ba ta labari muna wanke-wanke. Ta wuce masu saye ta tsaya a gaban ƙaninta, ga Nan-take a gefe ya riga ya buɗe jakarsa.

"Auta, an ce za ka ƙara wa tukunya taurari."

"Yaya, harkar kasuwa ce, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Sunana yana kan girki sittin da huɗu a wannan shafin. In na ce minti arba'in da biyar, arba'in da biyar ne, na tsaya a kan ƙafata na auna. Ba za a jera ni da ƙarya a rumfa ɗaya ba. 'Yar nan, kwashe mini kayana."

Kawu ya ce ta kwashe, ai shi tukunya yake sayarwa ba miya ba. Na kwafe girke-girken da hotunansu, na sauke su daga shafin. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bari tsofaffin adireshin su riƙa tura mutane sabon wurin da za mu koma. Ya ƙi. Na rubuta kalmar sirri a bayan wata takarda na miƙa masa da hannu biyu, don rashin kunya ba ta cikin abin da na zo yi. Na ɗauki kofina na fita. Sai da muka sha kwana na fashe da kuka, Umma ta ce in yi shiru mutane na kallo.

Bayan kwana goma taurarin Kawu suka fito, huɗu da ɗigo tara. Ya turo mini hoton ba tare da ko kalma ɗaya ba. Har yau suna nan, ba wanda ya taɓa su.

Mu kuwa muka buɗe sabon shafi a teburin cin abinci, daga sifili. Makin da girke-girken suka tara a shekara uku bai biyo mu ba, don a shafin Kawu aka ba da shi, kuma ba a kwaso maki daga wani shafi a liƙa a naka. Na sake yi wa kowane girki sikimarsa, na bar layin maki babu komai. Sati biyar kafin hoton burodinta ya fara leƙowa a bincike, can ƙasa. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko wani ya ce wani abu, in ce tukuna.

Ranar da ra'ayin farko ya shigo, tana yanka albasa. Na karanta mata. Wata mata ce ta gwada miyar tumatir, ta ba da tauraro uku. Ta ce gishiri ya yi yawa.

Wuƙar ta tsaya.

"Gishirina? Shekara talatin ina wannan miyar! Wa ya sani ko babban cokali ta ɗauka a maimakon ƙarami?"

"Mai yiwuwa, Umma."

"Yanzu haka zai fito? Uku, kowa yana gani?"

"In sun nuna, haka zai fito. Uku, daga mutum ɗaya."

Ta goge hannu ta zo ta tsaya a bayana, tana leƙen allon. Sannan ta dafa kafaɗata, ta sassauta murya, sak irin ta ƙaninta.

"'Yar albarka, ba biyar na ce ba. Huɗu kawai. Ai kin san miyar ta kai."

Na san ta kai, ta wuce ma. Kuma Umman nan ce ta tsaya mini a gaban mutane, ta zubar da aikinta na shekara uku saboda ni. Na ɗaga hannunta daga kafaɗata na riƙe shi da hagu, da dama na buga uku a layin maki, ɗaya a layin adadi, na adana.

Ta zare hannunta, ta koma kan albasarta. Sai da ta gama yankawa ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Miƙo mini ƙaramin cokalin nan. Bari in sake aunawa."