Shingen Laminu da Akuyar Aisa

Ni Gaji ban taɓa kai ƙarar kowa ba, sai da Laminu ya sa na yi. Shekara talatin ina zaune a bakin Komadugu, gabas kaɗan da Diffa, ana sheda ta da faɗa, amma faɗana a ƙofar gida yake ƙarewa. Wannan karon har rumfar Bulama Umara, mai garinmu, na je, ina jan akuya da igiya tana tangaɗi kamar ta sha wani abu.

Akuyar ba tawa ba ce, abin da ya ƙona mini rai ke nan. Ta Aisa ce, ƙawata Bafillatana da ke wajen Maine. Habbanaye ta ba ni, wato aron da suke yi tsakaninsu: ka riƙe uwar ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar da ita lafiya. Ba a rubuta shi, ba a kiran shedu. Wanda ya bar dabbar habbanaye ta mutu da sakaci, ko ba a ce masa komai ba ya san abin da ake faɗi a bayansa. Ga akuyar da ciki kuma.

Sati uku ina ganin kanta na rawa. Tana ci kamar gara, tana ramewa. In ta tsaya sai ta buɗe ƙafafu, in aka tafa hannu kusa da ita sai ta zube. Ni kuwa na san wanda ya yi. Laminu yana da gonar tattasai a kan hanyar da awaki ke bi su sha ruwa, kuma bara da bakinsa ya ce mini, "Ya Gaji, in awakinki suka sake shigar mini gona zan yi maganinsu."

Na ce wa Bulama, "Ga maganin nan ya yi. Feshi ya yi wa ciyawar hanya. A kira shi."

Aka kira Laminu, ya zo da laka har gwiwa, ya durƙusa ya gaishe ni kamar mutumin kirki.

"Riƙe gaisuwarka," na ce. "Dubi aikinka."

Ya dubi akuyar, ya ce, "Wallahi Ya Gaji rabona da feshi tun kafin ruwa ya janye. Maganin da na ce zan yi, shinge ne. Kuma na yi shi, kin gani."

Bulama dattijo ne mai gudun hayaniya. Ya ce shi bai iya shari'ar cikin akuya ba. Ya kira wata likitar bisashe a Diffa, Madam Balkisa, ya buɗe muryar salula kowa na ji. Ta ce tana wajen rigakafi, ba za ta iso wurinmu da wuri ba. Ta tambayi yadda abin ya fara, na faɗa mata, na haɗa da sunan mai laifi.

Ta ce, "Inna, tana dalalar da yawu? Tana zawo?"

"Ba ta yi."

"To maganin feshi ba ya jiran sati uku. Ranar da dabba ta ci shi ranar yake nuna kansa, da yawu da zawo da shaƙewar numfashi. Wannan ya fi kama da abin da take ci kullum kaɗan-kaɗan. A ɗauko mini hoton wurin da take kiwo."

Duk rumfar babu mai salula mai hoto sai Laminu. Ya miƙe yana murna, wai yau gaskiyarsa za ta fito. Na ce ƙafata ƙafarsa, kada ya ɗauko abin da ya ga dama. Muka tafi, Bulama na biye da mu da sandarsa.

Laminu ya ɗauki hoton ciyawar hanya, ya ɗauki bakin ruwa, ya ɗauki tattasansa har sau huɗu don dai a yaba. Sai ya ce in tsaya ya ɗauke ni, a san da mai ƙara aka zo. Na tsaya na ɗaure fuska. Ya hau tudu inda rezo, wato layin salula, yake kamawa ya tura duka.

Ba a jima ba Madam ta kira. Ta ce, "Ciyawar nan ba ta da laifi. Amma mene ne wancan kore a bayan Inna? Ƙasansa duk a tsige yake, daidai tsayin bakin akuya."

Muka juya. Shingen Laminu ne. Wani itace ne da ya saro daga wajen Assaga ya kakkafa, ya kama ya yi duhu, ko da rani ba ya bushewa, ga furanni masu ruwan hoda kamar bakin kakaki. Kullum ina wuce shi, ban taɓa lura ba cewa daga ƙuguna zuwa ƙasa babu ganye ko ɗaya.

Laminu ya tsinko fure ɗaya ya ɗauka ya tura. Madam ta ce, "Fure kaɗai ba ya isa. Dankali haka furensa yake, duman kada ma haka. In na yanke hukunci da wannan zan iya sa a tumɓuke abincin mutane."

"Kin ji ko," in ji Laminu. "Dangin dankali ne."

Na ce, "Dankalin gidanku ne yake fin mutum tsawo?"

Madam ta yi dariya ta ce tambayar ke nan. Ta ce hoto huɗu take so. Itacen gaba ɗaya da mutum tsaye kusa da shi, don a ga ko yana yaɗo a ƙasa ne ko yana miƙewa. Ganye ɗaya a shimfiɗe a tafin hannu, rana na bayan mai ɗauka. Fure ta gaba. Sai a karya kara a nuna mata bakin karayar.

Bulama ne ya tsaya kusa da shingen, ya gyara hula, itacen ya fi shi da kamu biyu. Tafin hannuna aka sa wa ganyen, mai faɗi daga gindi, mai tsini a baki. Da Laminu ya karya karan sai farin ruwa ya tsatso, cikinsa kuwa rami ne fayau, kamar bututu. Hoton da ya ɗauka ya fito dishi-dishi, Madam ta ce a sake. Na ce, "Riƙe da kyau, ai kai ka ce gaskiya za ta fito."

Ta duba ta ce, "Shi ne. Ɗan'uwan duman kada ne, amma shi a tsaye yake, kuma cikin karansa rami ne. Da rani in ciyawa ta ƙare awaki na faɗa masa, in suka ɗanɗana kuma sai su riƙa neman sa ko da ga wani abincin. A hankali yake taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ba shi da allura, ba shi da makari. A raba ta da shi yau. In ba ta daɗe sosai tana ci ba za ta warware, cikin dai ba zan yi muku alkawari ba."

Na juya na kalli Laminu. Na ce, "Bulama, ka ji. Ni na ce ya sa mata guba. To ga ta nan, shuka ta ya yi, har yana ba ta ruwa."

Bulama ya yanke: Laminu ya tumɓuke shingen har saiwa ya ƙona, don Madam ta ce ko guntun kara aka yar a laka zai tsiro, ya sa ƙaya a madadinsa. Ni in ɗaure akuyar a gida, shi ya riƙa kawo harawa har ta miƙe. Na ce a ƙara da ban haƙuri a gaban jama'a. Laminu ya ba ni haƙuri nan take, da sauri har ban ji daɗinsa ba.

Kwana goma akuya na ɗaure a bayan ɗakina, harawa na zuwa safe da yamma, amma kan bai daina rawa ba. Sai ma ta ƙara zubewa. Na soma tunanin da wane baki zan aika wa Aisa. Da Laminu ya kawo harawa na tare shi na ce ko dai ruɓaɓɓiya yake kawowa.

Ya ce, "Bari mu tambayi Madam." Ya kira ta, ta ce a ɗauko mata inda aka ɗaure akuyar, duk iyakar da igiya ke kaiwa.

Ya zagaya bayan ɗaki da salularsa, bai dawo ba. Na bi shi. Yana tsaye yana kallon jikin zanan makewayi, inda karare uku suke tsaye, an tsige su tas, saura fure ɗaya a can sama.

Ni na kafa su. Da damina na karyo daga shingensa don furen ya ba ni sha'awa, na soke su a inda ruwan wanka ke bi, na manta da su. Da yake babu ganye a jiki, ido ya saba, kullum ina wuce su kamar turakun zana.

Laminu ya ɗaga salula a hankali.

Na ce, "In ka ɗauka sai na jefa ta a Komadugu."

"Madam ce ta ce duk inda igiya ke kaiwa, Ya Gaji."

"Daga shingen wa na karyo? Da ba ka kawo shi garin nan ba a ina zan gan shi?"

Ya ce haka ne, laifinsa ne, yana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauka dai, ya tura, sannan ya sa hannu ya tumɓuke su ukun ya tafi da su. Madam ta aiko da saƙon murya tana cewa a gaida Inna, a kuma duba ko akwai saura a bayan rumbu. Babu. Na duba da kaina sau biyu.

Bayan sati biyu kan ya lafa. Ta fara tsayawa da ƙafafunta a haɗe, na tafa hannu a kunnenta ta harare ni kawai. Da zafi ya shigo ta haifi 'yar akuya guda, ƙarama amma tana tsotso da ƙarfi. Da aka yaye ta na sa uwar a motar kasuwar Maine na kai wa Aisa da hannuna. Ta shafa bayanta ta ce ta yi ƙiba, na ce harawar maƙwabci ce.

Saura magana ɗaya, kuma na riga na kai ta gaban Bulama. Hoton kararen nan uku yana cikin salular Laminu har yau. Duk wanda ya zo sayen tattasai sai ya nuna masa, wai yana koya wa mutane gane itacen, kuma gefen zanina ya fito a ciki. Bulama ya ce hoton yana da amfani, mutum biyu sun tumɓuke nasu saboda shi. Na ce to a bar itacen a yanke zanin. Laminu ya ce bai iya yankewa ba, sai Madam ta zo rigakafi ta nuna masa. Ranar Laraba za ta zo, kuma zan riga shi isa rumfar.