Takardar Gayyata Zuwa Sulhu

Ni dai har yau ban ce ruwan nan laifina ba ne. Kwanon rufin ɗakina ya tsufa, kowa ya sani. Da damina ta sauka sai silin ya jiƙe ya rufto kan keken ɗinkina, har da atamfar mutane.

Mai gidan da nake haya tsohuwa ce, Inna nake ce mata. Tun da mijina ya rasu ita ce uwata, ita ce ubana. Ita ta kwana da ni a asibiti lokacin da aka yi mini aiki. Da mu biyu ne, wallahi da ko cacar baki ba za a yi ba. Sai ɗanta direba ya tsoma baki. Wai farantin sola da na sa aka kafa a kan rufin shi ya huda kwanon, don haka gyara nawa ne. Na ce gyaran rufi na mai gida ne, ƙusa huɗu ba sa ruɓar da katako. Ya ce in rufe masa baki. Ni kuwa bakina ba ya rufuwa, na wanke shi tas.

Daga nan Inna ta koma amsa gaisuwata a taƙaice. Abin ya hana ni sukuni. Wata da nake wa ɗinki ta ce in je ofishin sulhu, ba kotu ba ne, zama kawai ake yi a fahimci juna.

Jami'ar da na samu mai haƙuri ce. Ta saurare ni har na gaji don kaina, sannan ta ce za su aika wa kowaccenmu takardar gayyata iri ɗaya. Ta karanta mini. An ce akwai saɓani tsakanin ɓangarori biyu kan wanda zai ɗauki nauyin gyaran rufi. Mai sulhu ba ya goyon bayan kowa, ba ya yanke hukunci. Zuwa ganin dama ne, abin da aka faɗa a ɗakin kuma sirri ne.

Na ce, "Ki ƙara cewa ɗanta ne ya fara."

Ta yi murmushi. "In na rubuta haka, ai na zama taki. Ba za ta yarda da zaman ba."

Na fito ina jin daɗi, wai ni mai dabara. Kaico.

Ranar zaman na riga kowa zuwa. Tebur ne da kujeru uku, da ruwan sha a tsakiya. Na zauna ina kallon ƙofa har ƙafata ta yi tsami. Can jami'ar ta kira wayar Inna, ta yi magana a hankali, ta ajiye. Ta ce Inna ta gode, amma ba za ta zo ba, su kuma ba su da ikon tilasta mata. In ta canja ra'ayi ƙofa a buɗe take.

Da na dawo gida na tarar da kafinta a saman ɗakina yana ɓamɓare tsohon kwano. Na ce wa ya sa shi? Ya nuna ɗakin Inna da guduma.

Na shiga na durƙusa. Tana zaune bakin gado, takardar na kan cinyarta.

"Inna, wallahi ba ƙara na kai ki ba. Ba sammaci ba ne."

"Na sani," ta ce. "An karanta mini. Takarda mai ladabi, ko kalma ɗaya ba ta zage ni ba."

"To me ya hana ki zuwa?"

"In je in zauna can, ke ki zauna nan, baƙuwa a tsakiya tana tambayata me nake so? Da kin shigo kin yi mini tsiwarki da kika saba, da na ce ki bar ɗan nan nawa, yaro ne ba ya ji. Tsakanin ɗakinki da nawa tsakar gida ce kawai. Amma kika hau mota kika je neman wanda ba ruwansa da ni, ba ruwansa da ke. Ni yaushe na taɓa cewa ba ruwana da ke?"

Kuka kawai nake, zuciyata kamar ta fashe.

Na ce, "Zan cire solar. Zan biya kafintan. Komai ma ni zan yi."

"A'a. Rufi na mai gida ne, gaskiyarki."

Ta ɗaga matashi ta zaro makulli, na ɗakina, wanda na ba ta ajiya tun ina takaba don ta riƙa shiga duk lokacin da ta so. Ta kamo hannuna ta sa mini, ta naɗe yatsuna a kai.

"Riƙe abinki," ta ce. "Nan gaba in zan shigo, zan nemi izini."