Sifilin Malam Manniru

Sharaɗin da suka ƙulla a ofishin Malam Manniru, malamin kwamfuta a wata kwaleji a Kubwa, gajere ne.

"Za mu bi amsarki layi-layi a kan allo," in ji shi. "In ta yi, maki goma naki ne. In ta faɗi, ki maimaita kos ɗin, kada in ji ƙara a wajen shugaban sashe."

"Na yarda, Sa. Amma kai za ka zaɓi lambobin," in ji Muhibba, ɗalibar aji ɗaya da ya ba sifili a wata tambayar jarrabawa.

Tambayar ita ce a rubuta wa kwamfuta umarnin da zai fito da lamba mafi girma a cikin jeri. Da biro aka rubuta, kuma takardar jarrabawa ba ta barin ofis, balle a gwada ta a na'ura. Takardu ɗari biyu ya duba, yana kwatanta kowace da amsarsa: a ajiye sifili a matsayin babba, a bi jerin, duk wadda ta fi shi ta hau kujerar. Muhibba ba ta sa sifili ba, kuma daga lamba ta biyu ta fara kwatance. Ya ce ta tsallake ta farko, ya ja jan biro.

Ya zana gidaje biyu a allo, na lambar da ake dubawa da na babba. Ya ba da huɗu, tara, biyu. Layinta na farko ya ɗora huɗu a gidan babba. Ashe ba ta tsallake ta ba. Tara ta ture huɗu, biyu ta kasa. Amsa tara.

"Sa'a ce," in ji shi. "Ga na ƙasa da sifili: biyar, biyu, tara, duka maines."

Suka bi. Maines biyu ta fito, daidai.

"Sa, a gwada taka mana, mu ma mu ƙaru."

Ya yi dariya ya fara, sai allin ya tsaya a hannunsa. Babu wadda ta fi sifili a cikin ukun. Amsarsa sifili ce, lambar da ba ta ma cikin jerin. Shekara shida yana koyar da ita haka, ba wanda ya tanka, don ɗalibi ba ya jayayya da abin da zai haddace ya ci.

Ya daɗe yana kallon allon. Yana iya gogewa, magana ta mutu. Sai ya rubuta goma a takardarta, ya sa hannu, ya rungumi sauran takardun ya nufi ofishin shugaban sashe da ƙafarsa.

Muhibba ta ci kos ɗinta. Mutum arba'in da suka haddace amsar Malam aka rage musu maki bibbiyu, suka daina gaishe ta. Shi kuwa ya rasa hutun sati biyu wajen sake dubawa, ya kuma sami suna a bakin ɗalibai: Oga Sifili.