Zare Biyu a Cikin Fayil

Kamfanin ba babba ba ne. Jiragen sama uku gare shi, duk na ɗaukar kaya, da ofis a hawa na biyu na wani gini da ke kallon katangar filin jirgi. Sabon Daraktan da aka kawo ya shekara goma sha tara yana shugabantar wani kamfanin manyan motoci, kuma a can ya koyi darasi guda wanda bai taɓa ba shi kunya ba: duk direban da ya karkace hanya, akwai abin da ya je saukewa wanda ba ya cikin takarda.

A mako na uku da zuwansa, kamfanin ya sami aikin jigilar kaya tsakanin wasu birane biyu masu nisa, dukansu can arewa, teku a tsakaninsu. Ma'aikaciyar da ke tsara wa jiragen hanya, wadda kowa ke kira Mai Hanya har an kusa manta sunanta na yanka, ta fitar da tsarin tafiyar, ta zana shi a kan taswira, ta aika sama. Darakta ya shimfiɗa taswirar, ya ɗauko rula, ya haɗa biranen biyu. Layinsa ya tafi ɗoɗar. Nata kuwa ya tashi ya yi arewa, ya gantsare kamar baka, ya bi ta kan ƙanƙara, sannan ya gangaro.

Ranar Juma'a da hantsi Babban Akawu ya sauko mata da takardar tuhuma. Dattijo ne, watanni huɗu suka rage masa ya ajiye aiki, kuma shi ya buɗe mata fayil ranar da aka ɗauke ta. Ya ajiye takardar a gefen teburinta kamar mai ajiye kwanon da ba shi ya ci ba.

Takardar ta ce ta bayyana a rubuce, kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin, dalilin da ya sa ta bar miƙaƙƙiyar hanya ta ɗauki karkatacciya. In bayanin bai gamsar ba, za a ɗauke ta daga teburin tsara hanya a mayar da ita ɗakin ajiyar kayan da ba a zo ɗauka ba. An sa hannu da koren biro, wanda a ofishin nan Darakta kaɗai ke da ikon riƙewa.

"Baba, ai tawa ce gajeriyar," in ji ta. "Tasa ta fi tawa tsawo da kusan kilomita dubu. Fiye da awa guda a sama fa."

"Na yarda, 'yata."

"To ka gaya masa mana."

"Ni? Da wane biron?" Ya gyara zaman tabarau. "Ya ce na'urar lissafin hanya abin da aka ba ta take amayarwa, kuma ke kika ba ta. Matuƙan jirgi ma ya ce bakinku ɗaya da su. Abin da ya yarda da shi rularsa ce."

"Akwai ƙwallon duniya a ofishinsa. Minti biyar ya ishe ni."

"Akwai. A kansa yake kifa hularsa. Amma ƙwallo ba ya shiga fayil, abin da bai shiga fayil ba kuwa bai faru ba. Shekara talatin da huɗu ina nan, ban taɓa ganin an wanke mutum da abin da ba a iya huda shi a ɗaure da igiya ba."

Ranar Asabar ta zauna a falon gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta rubuta amsa shafi uku. Ta bayyana cewa duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Cewa layukan da suka tashi daga kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙololuwar duniya, amma mai taswira ya ware su ya tsayar da su daidai wa daida domin su kwanta a takarda. Saboda haka arewa ta buɗe fiye da girmanta, kuma hanyar da ta bi ta can ta fito da tsawon da ba nata ba. Ta karanta wa Gwaggo, wadda ke kan keken ɗinki tana haɗa hannun riga.

Gwaggo ta tsayar da keken. "Gaskiya ne duk abin nan?"

"Ko harafi ɗaya babu ƙarya."

"To Allah ya ba shi haƙurin karantawa. Ni tun shafin farko na fara tunanin abin da zan dafa." Ta ɗaga yankin yadin da ke hannunta. "Kin ga kan hannun rigar nan? A shimfiɗe kamar tudu yake. Kowace mai ɗinki ta gan shi sai ta ce Gwaggo kin ɓata mini yadi. Ba na musu da kowa. Cewa nake sa ki gani. In ya hau kafaɗa ya zauna, ita da bakinta za ta ce ai dama haka take so."

"Ni Darakta zan sa wa riga?"

"Ke kika yi boko, ni me na sani? Miƙo mini almakashi."

Mai Hanya ta miƙa mata, ta tsaya tana kallon ƙwaryar zare. Da za ta tashi ta ɗauki baƙi ɗaya da ja ɗaya.

"Ki dawo mini da su," in ji Gwaggo. "Jan nan ba a samunsa yanzu."

Ranar Litinin, goma saura kwata, ta shiga ofishin Darakta. Babban Akawu na gefe da fayil a kan cinya. Ta ajiye shafukanta uku domin ƙa'ida ta cika, sannan ta ajiye farar taswira sabuwa, irin wadda aka yi rigimar a kanta.

"Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Ka fi kowa sanin hanya a ginin nan. So nake ka auna da hannunka, kada a ce na taɓa."

Darakta mutum ne mai son a yi abu a gabansa, kuma ba ya ƙin a ce ya fi kowa. Ya ɗauke hularsa daga kan ƙwallon. Aka ga ƙura ta yi zobe daidai inda hular ta tsaya.

Ta ba shi jan zaren. Biranen biyu suna kan layin kwance guda, na digiri arba'in, kuma shi ne layin da rularsa ta bi a taswira. Ta roƙe shi ya kwantar da zaren a kan wannan layi a jikin ƙwallon, daga birni zuwa birni. Ya gwada. Da ya ja sai zaren ya zame ya yi sama. Ya mayar da shi, ya sake ja, ya sake zamewa.

"Wannan zaren naki ba ya jin magana."

"Na Gwaggona ne, ranka ya daɗe. Baba, taimaka mana da salatif."

Sai da aka manne shi a wuri biyar kafin ya yarda ya zauna a kan layin. Darakta ya yanke shi daidai bakin birni na biyu.

"Yanzu ga baƙin. Wannan kada a manne shi. Ka danne nan, ka danne can, ka ja iya ƙarfinsa, ya kwanta inda ya ga dama."

Ya ja. Zaren ya miƙe tsaf a jikin ƙwallon, ya bi ta arewa, ta kan farin fentin da ke nufin ƙanƙara. Darakta ya sunkuya ya dube shi ta sama, ya dube shi ta gefe. Babu lanƙwasa ko kaɗan.

"Kafin ka yanke, ranka ya daɗe, duk inda ya tsallake layin tsaye ka karanta mana digirin, ka ɗiga a taswirar nan."

Babban Akawu ya karɓi riƙon zaren, Darakta ya cire murfin koren biro. Ya fara karantawa da murya irin ta mai kiran sunayen ma'aikata. Arba'in. Hamsin. Hamsin da biyar. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Daga nan lambobin suka fara komawa yadda suka hau, har suka sauka a arba'in. Ɗigo tara.

"A haɗa su?" in ji shi, ba tare da ya dube ta ba.

"In ka ga dama, ranka ya daɗe."

Ya ɗauko rula, ya jujjuya ta, ya ga ba za ta yi aikin ba, ya ajiye. Ya haɗa da hannu. Abin da ya fito a takardar baka ne, kore shar, ya gantsare ya yi arewa. Mai Hanya ba ta ɗora tata taswirar a kai ba. Babban Akawu ne ya yi wannan, a hankali, kamar dai gyara takardu yake yi.

Darakta ya yanke baƙin zaren, ya ɓanɓare jan, ya jera su a kan tebur kai da kai. Jan ya zarce da kamar gaɓar yatsa guda.

"Wannan ɗan guntun nawa ne?"

"Kusan kilomita dubu."

Ya murza guntun. "Kuma kullum nan jirgin zai bi?"

"Kusa da nan. Iska tana sa mu ɗan matsa, wata rana sama, wata rana ƙasa, kuma dole mu kasance inda akwai filin sauka in wani abu ya taso. Amma daga wannan layin ake fara lissafi."

"Ai dama," in ji Darakta, "abin da nake so a tabbatar ke nan. Ba a barin irin wannan a bakin na'ura." Ya juya ga Babban Akawu. "Rubuta. Na binciki hanyar da kaina, na same ta daidai. An janye tuhuma. Ma'aikaciya ta ci gaba da aikinta."

Babban Akawu ya rubuta. Ya ɗauki zaren biyu ya maƙala su da sitefila a jikin taswirar, ya sa wa ja lamba ɗaya, baƙi lamba biyu, ya huda takardar ya ɗaure. Shafuka ukun ma ya huda su ya ɗaure a ƙasa, inda ba za su dami kowa ba.

"Sannan," in ji Darakta yana mayar da hularsa kan ƙwallon, "a binciko mini wanda ya sayo wa kamfanin nan taswirar da ke ruɗin mutane."

"Ranka ya daɗe," in ji Babban Akawu, "ya yi ritaya tun kafin a sa wa ginin nan hawa na biyu."

"To a rubuta a fayil ɗinsa."

A kan matakala Mai Hanya ta tsaya ta sauke numfashi, ta duba jakarta. Ƙwaryar baƙin zaren na nan. Ta ja kuwa ta bar ta a teburin Darakta.

"Baba, don Allah ka karɓo mini jan zaren nan. Gwaggo ta ce ba a samunsa yanzu."

"Ya sa shi a aljihun tebur, na gani. Ya ce gobe zai auna wa mai kamfanin da hannunsa." Babban Akawu ya gyara riƙon fayil ɗin. "Ki rubuto takardar nema, 'yata. Zan sa ta a sama."