Abin da Aka Yanke a Teburin Abinci

Tun shigowar sanyi Solvej ta fara sa wa Luz ido, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. A Aarhus, garin Turai da take aiki, abin kunya ne shugaba ta ce ba ta yarda da ma'aikacinta ba. Gari ne da uwa ke barin jaririnta a keken turawa a ƙofar shago ta shiga shan kofi, kuma mutanensa na alfahari da hakan. Sai dai ba kasafai suke lura ba cewa yawanci mai kama da su suke yarda da shi, wanda suke gani kullum.

Solvej ce ke jagorantar mutum shida da ke kula da wata manhaja mai sa ido kan lafiyar injinan iska masu samar da lantarki. Huɗu suna ofis tare da ita. Edvaldo yana Recife, a Brazil, shi ke fama da masu filayen da aka kafa injinan a can. Luz kuwa tana Cebu, a Filifin, kuma duk wani gyara sai ya bi ta hannunta ta gwada shi kafin a sake shi. Shekara uku tana wannan aiki. In ta tafi, babu wanda ya san lungunan manhajar kamar ta.

Duk Talata suke taro, da zarar an tashi daga cin abincin rana. Solvej ce ta zaɓi lokacin, tana ganin ta yi adalci: safiya ce a Recife, a Cebu kuma rana ba ta daɗe da faɗuwa ba.

Abu uku ne suka dame ta. Luz ta daina kunna kyamara. Duk abin da aka ce kuma sai ta amsa da "To, Madam," alhali an sha gaya mata nan ba a madam, sunan mutum ake kira. Na ukun ya fi cin ran Solvej. Duk Laraba da hantsi, alamar Luz da ta Edvaldo a kwamfuta sai su koma ja tare, wato suna cikin wata ganawa, kuma kalandar kowannensu ba ta nuna komai sai cewa ba ya nan.

Asger, mataimakinta, shi ma ya gani. A teburin abinci ya ɗauko zancen yana shafa man shanu a baƙin burodi. Ya ce ya san irin wannan, ko dai Luz ta kama aiki na biyu, ko su biyun suna shirin kwashe abokan ciniki su buɗe nasu. Ya ce masana sun gama magana, wanda ba ya nuna fuska a taro zuciyarsa ba ta wurin. Shawararsa ita ce a sa dokar kunna kyamara, a kuma nemi masu kula da kwamfutoci su duba saƙonnin su biyun, tun da kwantiragin Luz ya kusa ƙarewa.

"Kai dai ba ka da aiki sai zargi," in ji Solvej, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ni? Ke da kike kallon ɗigon nan ja kamar mai jiran ruwa ya tafasa?"

Ta ce za ta yi tunani. Har ta rubuta takardar neman izinin binciken, ta bar ta ba ta aika ba.

Ranar Lahadi santsin ƙanƙara ya kayar da ita daga keke a gangaren unguwarsu, idon sawu ya karye. Aka ɗaure ƙafar, likita ya ce ta zauna a gida. Da Talata ta zo, sai ga ta a kujerar falo da kwamfuta a cinya, karo na farko tana halartar taronta daga waje.

Fuskarta ta fito a ƙaramin akwati, kusa da ta Edvaldo da baƙin akwatin Luz. Babban akwatin na ɗakin taro ne. Mutum huɗu suka shigo suna dariyar wani abu da aka faro a waje. Wani ya aje kofi daf da na'urar ɗaukar murya, ƙarar ta soki kunnenta. Wanda ke ƙarshen tebur kansa kaɗai ake gani. Suka yi mata sannu da ƙafa, suka zolaye ta da tsufa, sannan suka ci gaba da kallon junansu.

Asger ya ce kamar yadda aka tsayar, za a jingine sabon sashen faɗakarwa, mai gargaɗi in inji zai lalace, sai bazara, a koma kan rahotanni. Ya tambaya ko da mai magana.

Solvej ta buɗe baki. Kafin muryarta ta isa ɗakin wani ya riga ya fara wata maganar. Ta sake gwadawa, muryoyi suka haɗu, ta yi shiru don ta ba shi hanya, shi kuma ya zarce. Da ta samu shiga sai ta tambaya yaushe aka tsayar da hakan.

"Ɗazu, wajen abinci," Asger ya ce. "Ai kowa ya yarda. Ke ma da kina nan da kin yarda."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi damun ta ke nan. Da tana nan da ta yarda, da kifi a bakinta, da ita ce ma za ta shigo ta ce kamar yadda aka tsayar. Sashen da aka jingine kuwa shi Luz ta kwashe mako biyu tana gwadawa.

Asger ya ce, "Luz, ba matsala?"

"To," in ji baƙin akwatin.

Edvaldo ya dubi kyamararsa kai tsaye, ya ɗaga gira ɗaya. Solvej ba ta san ko da ita yake ba.

Washegari da hantsi ɗigon nan biyu suka yi ja. Ta dube su ta dube su, sannan ta rubuta wa Edvaldo cewa tana so ta shigo. Amsar ta jima ba ta zo ba. Ta san suna shawara, ta kuma san ba ta da hurumin jin haushi. Can sai ga gayyata.

Kyamarar Luz a kunne take. Tana zaune a baranda, sama ta yi ja a bayanta, ana jin babura a titi. Edvaldo na riƙe da kofi, gashinsa a jiƙe.

"Shugaba da kanta," ya ce. "Kin zo kama ɓarayi?"

Ta ce eh, kusan haka ne. Ta tambaye su me suke yi a nan duk Laraba.

Edvaldo ne ya yi bayani, Luz tana kallon gefe. Ya ce taron Talata ba taro ba ne, sanarwa ce, kuma rabin sanarwar ba ta isowa kunnensu. Saboda haka washegari sukan haɗa abin da kowa ya tsinta, su lalubo me aka yanke da dalilinsa, don kada su ɓata mako a kan aikin da aka riga aka binne. Ya ce tun kaka ayyukan da ake ba Luz ake ta jinginewa ba bayani, kuma inda suka fito, in aka fara yi wa mutum haka, sallama ce ke tafe. Sun ɗauka ofis ya gama shirin korar ta, ana jiran kwantiragi ya ƙare.

Solvej ta ce babu wannan zancen. Ta tuna takardar neman binciken da ke ajiye a kwamfutarta. Ta tambayi Luz batun kyamara.

"Ku ne kuka ja agogonku baya da awa guda a Oktoba, kamar yadda kuke yi duk shekara, Madam. Mu ba ma taɓa namu. Taron ya matsa min da awa guda, ya faɗa lokacin da nake kwantar da yara, kuma tebur ɗina a ɗakinsu yake. In na kunna fitila sun tashi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? An riga an tsayar."

Solvej ta ce ai ƙofarta a buɗe take, kowa na iya ce mata a'a. Edvaldo ya kwashe da dariya, ya ce ƙofar tana Aarhus, a turo masa kuɗin jirgi ya zo ya ƙwanƙwasa.

Solvej ta juya ga Luz. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta, ko Luz na neman wani aikin.

"Wani kamfani a Singapore ya ba ni," Luz ta ce. "Ban amsa ba. Ban kuma ƙi ba."

Ashe Asger bai yi kuskure duka ba. Solvej ta lura ba ta ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Ba ta yi alkawarin komai da baki ba, don ta ga baki ne ya kawo su nan. Da rana ta goge takardar binciken, ta rubuta wa ƙungiyar gaba ɗaya. Taro ya koma Laraba da hantsi, lokacin da su biyun suka zaɓa wa kansu, kuma da agogon Cebu za a riƙa lissafa shi, in Turai ta juya nata ita za ta matsa. Kowa zai shiga daga kwamfutarsa, ba sauran ɗakin taro. Duk shawarar da ta taso a tebur ko a bakin injin kofi, sai an rubuta ta inda kowa zai gani, ta kwana, gari ya waye wa Cebu da Recife, kafin ta zama hukunci. Kyamara kuma ganin damar mai ita.

Asger ya kira ta nan take. Ya ce abin da ake gamawa kafin kofi ya huce yanzu zai ci kwana guda, ga shi taron zai shiga lokacin abinci. Ya ce tana ba da kai ne ga wadda ƙafarta ɗaya ta riga ta fita daga kamfanin. Solvej ta ce mai yiwuwa. Ta ce ya rubuta ƙorafin nasa inda kowa zai gani.

Ya rubuta, har da maganar jingine sashen faɗakarwa, cikin gajerun jimloli na mai fushi.

Da Solvej ta farka washegari, amsa na jiran ta daga Cebu. Luz ta ce ba ta yarda a jingine sashen ba. Ta kawo dalilai, ta nuna injinan da za su iya tsayawa ba wanda ya sani in aka bar shi sai bazara. Babu Madam a ko'ina. A ƙasa, a saƙon da ta aiko wa Solvej ita kaɗai, ta ce ta roƙi mutanen Singapore su ba ta zuwa ƙarshen Janairu, tana so ta ga ko tsarin zai rayu bayan ƙafa ta warke an koma teburin abinci.

Solvej ta karanta sau biyu, tana neman inda aka ɓoye wani abu, ba ta samu ba. Ta jawo sandarta ta nufi kicin. Likita ya ce tsakiyar Janairu za a kwance ƙafar.